Addu'ar da na rubuta wa Auta ranar fatiharta

Saura kwana huɗu a yi fatihar Auta, ɗiyar kawuna da ke Birni, na zauna bayan isha'i da waya a hannu zan rubuta mata gaisuwar aure. Kafin in fara sai na leƙa gurup ɗinmu na dangi a WhatsApp, na tarar tuni an fara zubo addu'o'i, na ƙirga guda tara kuma wallahi bakwai daga ciki lafazinsu ɗaya sak, har furannin da aka jera a ƙarshe iri ɗaya, ga Transféré a samansu kowa na gani, ɗaya ma sunan wata amarya ne a ƙasa wadda ba mu sani ba, mai turowa ba ta goge ba. Ban ga laifinsu ba, kowa da niyyar alheri ya turo. Amma Auta a bayana ta girma, ni na goye ta, ni na kai ta lakwal ranar farko, ban iya in tura mata abin da aka tura wa wata ba.

Ga kuma yadda auren yake. Auta ba budurwa ba ce, ta yi shekara bakwai a gidan farko, ɓari biyu, ba haihuwa, aka rabu ba daɗi, ta dawo gida ta yi shekara uku tana ɗinki. Wanda za ta aura yanzu ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, gidansa a Sabon Gari, yana da uwargida da yara huɗu. Mu gidanmu Tijjanawa ne tun kakanni, wazifa ba ta wuce kawu, shi kuma ango da ƴan'uwansa mutanen Izala ne. An yi maganar tun wurin neman aure kowa ya yarda, ba rigima, amma na san duk abin da na rubuta ba Auta kaɗai za ta gani ba, za ta nuna masa, wataƙila ya kai kunnen uwargida.

Abin da na fara rubutawa a daren shi ne wannan: Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair, Allah shi ba da zaman lafiya don alfarmar Annabi, Allah shi kawo ƙazantar ɗaki nan da wata tara mu zo suna, Allah shi sa ki zama fitilar gidan, Allah shi tsare ki daga sharrin maƙiya da mahassada. Na ƙara ayar Rabbana hab lana min azwajina a ƙasa. Na karanta ya yi min daɗi a baki, amma zuciyata ba ta kwanta ba kuma ban gane inda matsalar take ba, shi ya sa ban tura ba.

Washegari bayan na tashi daga aiki na hau kabu-kabu zuwa Garin Malam wurin Baba Malam, ƙanen kakarmu ne, tsoho ne sosai amma kansa garau, ya ɗaura aure ba adadi. Na gaishe shi na ce Baba Malam ku saurara min wannan, Auta zan tura wa. Na karanta, tun layin farko ya ɗaga hannu.

Ya ce ɗiyata wa kike wa addu'ar, ango ko amarya? Na ce amarya. Ya ce to kin yi wa namiji. Laka da alaika na namiji ne, in mace ce laki da alaiki, in su biyu kika haɗa lakuma da alaikuma. Ƙarshen kuma bainakuma ne ko yaya, tunda su biyu ake roƙon a haɗa. Na yi shekaru ina jin addu'ar nan a wurin ɗaurin aure ban taɓa lura ba, saboda a can ango ake yi wa, mu kuma muka ɗauke ta haka muna tura wa mata. Da na koma na duba mesajin nan bakwai na gurup, duk laka ne.

Sai ya fassara min ita a hankali. Allah shi yi maka albarka, shi saukar da albarka a kanka, shi haɗa ku cikin alheri. Ya ce Abu Huraira ne ya ruwaito cewa haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake faɗa in zai taya wanda ya yi aure murna, kuma tana cikin Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah. Ya ce wannan kar ki ji tsoron a ce kwafe ce, kowa ma kwafa yake yi kuma haka ake so, ita ba a yi mata ado, ba a ƙarawa ba a ragewa, jinsi kawai ake gyarawa. Wannan maganar ita ta fara warware min abin, domin ni na zo da tunanin dole komai ya zama sabo. Ashe gaisuwar gida biyu gare ta, akwai na sunna da ake bari yadda ya zo, akwai na bakinka da kake faɗa da Hausa, kuma a na biyun ne ake gane ko ka san mutum ko ba ka san shi ba.

Ya kuma ce in bari sai an ɗaura kafin in tura Barakallahu ɗin, tunda gaisuwar wanda ya riga ya yi aure ce. Kafin ranar abin da ya dace shi ne Allah shi kai mu, Allah shi sa a yi a sa'a, Allah shi sa a gama lafiya.

Da muka zo kan ƙazantar ɗaki Baba Malam ya yi shiru ya jima. Kowa a Damagaram ya san abin da ake nufi, haihuwa ce, kuma a bikin budurwa tsofaffi na faɗa a yi dariya a ce amin. Ya ce min ke kin san abin da ya fitar da yarinyar nan daga gidan farko, shekara bakwai ana duban cikinta, yanzu tun ba ta tare ba kin sa mata wata tara, kin ba ta jarrabawa da ranar ƙarshe. Wallahi sai da idona ya cika, don ni na rubuta ne ina mata fatan abin da na san tana so, ban duba yadda zai faɗa mata a rai ba in ta karanta ita kaɗai a ɗaki.

A nan ya ba ni labarin gaisuwar Larabawan jahiliyya, bir-rifa'i wal-banin, wato da zaman jituwa da ƴaƴa maza. Ya ce Aƙilu ɗan Abu Ɗalib ya yi aure mutane suka gaishe shi da ita, ya ce kar ku faɗi haka, ku faɗi yadda Manzon Allah ya faɗa, ku roƙa mana albarka. Malamai sun kawo dalilai, daga ciki akwai cewa babu ambaton Allah a cikinta kuma ta ware ƴaƴa maza ta bar mata. Ya ce roƙon zuri'a ba laifi ba ne, annabawa ma sun roƙa, amma kalmar albarka ta fi faɗi, haihuwa na ciki, lafiya na ciki, arziki na ciki, kuma ba ta nuna wa mutum wurin da yake ciwo. Na tambaye shi to in cire maganar haihuwa gaba ɗaya ke nan? Ya ce ki roƙa mata a sujadarki inda ba ta ji, a rubuce kuwa ki ce Allah shi faranta mata da abin da zuciyarta ke roƙo, ita ta san me kike nufi, kuma ko wani ya leƙa wayar bai ga komai ba.

Sai maganar alfarmar Annabi. Ni da ita na tashi, Inna ba ta rufe addu'a sai ta ce don alfarmar Annabi da Alƙur'ani, kuma Baba Malam da kansa haka yake yi. Na zaci zai ce in bar ta. Ya ce ni a wurina babu komai a ciki kuma haka zan ci gaba da yi, amma gidan da za ta shiga suna ganin ba a roƙo da wannan lafazin, kin sani na sani. In kin sa, mijin zai karanta ya tsaya a kan kalmar nan ya manta sauran, in ya yi magana ita ce a tsakiya, tsakanin mijinta da yayarta, a satin farko. Ya ce akwai abin da babu wanda ke jayayya a kai, ki roƙi Allah da sunayensa, ki ce don rahamarsa, ki rufe da salati ga Annabi. Ɗan ɗariƙa zai ce amin ɗan Izala zai ce amin.

Na daɗe ina juya wannan a hanya. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ce me zai sa in canza yadda nake addu'a saboda wasu. Amma da na duba, ban bar komai na aƙidata ba, salati na nan, kuma gaisuwar aure kyauta ce, wanda za a ba ake dubawa. Haka zan so a yi mana mu ma, in wani daga can zai gaishe da kawu kar ya cusa masa wa'azi a cikin gaisuwa, irin Allah shi sa a yi biki bisa sunna ba bidi'a, wanda na sha gani kuma kowa ya san habaici ne aka sa wa rigar addu'a.

Ayar ma cire ta na yi. Rabbana hab lana min azwajina wa zurriyyatina ƙurrata a'ayun tana cikin suratul Furƙan aya ta 74, kuma ma'anarta Ubangijinmu ka ba mu sanyin ido daga matanmu da zuri'armu. Ka ba mu aka ce, mai karantawa kansa yake roƙa wa, don haka addu'a ce da su ango da amarya za su riƙe, in na liƙa ta a ƙasan mesaji ba bayani ado kawai na yi da ita. Ga zuri'ar ma ta sake dawowa ta bayan gida. Wadda ta fi zama daidai da abin da nake so ita ce ta suratur Rum aya ta 21, inda Allah ya ce ya halitta mana abokan zama daga jinsinmu don mu natsu zuwa gare su, ya sanya ƙauna da jin ƙai a tsakani. Baba Malam ya ce kar in rubuta ta da haruffan boko in karya lafazin, in ɗauki ma'anar in roƙa da Hausa. Natsuwa, ƙauna, jin ƙai. Kuma natsuwar ce Auta ta rasa a baya, ba wani abu ba.

Sauran biyun ni da kaina na gano su da na dawo gida na sake karantawa da idon uwargida. Fitilar gidan, to ita wadda ta yi shekara da shekaru a ciki ta haifi huɗu a duhu suke zaune? Maƙiya da mahassada kuma, a gidan da mace ɗaya ce kawai take jiran amarya, ko ban kira suna ba an san wa ake nufi. Wannan layin yana cikin kusan duk mesajin da ake turawa, kuma a auren saurayi da budurwa ba ya taɓa kowa, a nan ne ya zama kibiya. Na share su duka. Na sa Allah shi haɗa kanku ke da yayarki, don haka ake ce wa uwargida in ana son zaman lafiya, kuma ina so Auta ta shiga da wannan kalmar a bakinta.

To yanzu na rage da layin sunna da fili fari. Nan ne aikin ya fi wuya, don duk abin da ya zo min a kai, Allah shi ba da zaman lafiya, Allah shi sa mutu-ka-raba, Allah shi kauda fitina, duk masu kyau ne amma ana iya faɗa wa kowace amarya daga nan har Mirya. Na ɗauko kaye da bik na ajiye waya, na rubuta tambaya biyu a sama, me na sani game da Auta wanda baƙo bai sani ba, me take tsoro. Amsar ta farko ba ta da wuya, shekara ukun nan ita ke kula da kawu, ita ke auna masa magani, ita ke tashi da asuba ta ɗora masa ruwan zafi lokacin sanyi. Ta biyu ma na sani don ta taɓa faɗa min wani dare muna ninke kayan ɗinki, ta ce Yaya ni ba kishiya nake tsoro ba, ina tsoron in sake zama a gida ina auna kowace kalma kafin in faɗa. Daga abu biyun nan na ciro addu'a biyu, ban ƙara ta uku ba, saboda na lura mesajin da ke jera roƙo goma sha biyar ba wanda ke zama a ran mai karantawa.

Ban saka sirrinta a fili ba, wannan ma sai da na kula. In na rubuta Allah shi musanya miki wahalar gidan farko na dawo mata da gidan farko ranar aurenta, kuma mijin zai gani. Sai na juya abin ya fuskanci gaba. Ga abin da ya fito a ƙarshe:

Auta ta Kawu, an ɗaura, alhamdu lillahi. Barakallahu laki wa baraka alaiki wa jama'a bainakuma fi khair. Yadda kika riƙe Kawu shekarun nan ba ki taɓa nuna gajiya ba, Allah shi sa a riƙe ki da irin wannan tausayin. Allah shi sa gidan nan ya zama inda za ki yi magana ranki kwance, ki yi barci ranki kwance. Allah shi sanya ƙauna da jin ƙai tsakaninki da mijinki, shi haɗa kanku ke da yayarki, shi faranta miki da abin da zuciyarki ke roƙo, don rahamarsa. Allah shi ƙara tsira da aminci ga Annabi. Yayarki ce, ƙofata a buɗe take dare da rana.

Na karanta shi da ƙarfi sau uku a tsakar gida. Wannan gwaji ne da nake ba kowa shawara, in akwai kalmar da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido ba sai a rubuce, to ba taka ba ce. Akwai wani layi da na fara sawa na cewa Allah shi sa soyayyarku ta zama kamar kogin da ba ya ƙafewa, da na furta shi na ji ba muryata ba ce, ba wanda ke magana haka a gidanmu, na cire. Furanni da zukata ma ban sa ba, ba don haramun ne ba, don dai ba haka nake mata magana ba.

Na ango ya fi gajarta tunda ban san shi sosai ba, kuma tsakanina da shi akwai kunya, ba zan yi kamar mun saba ba. Ta hannun mijina na aika. Alhaji barka da arziki, Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair. Allah shi ba ku ikon yin adalci tsakanin iyalinku, shi buɗa kasuwa, shi sa abokiyar arziki ce. Amana ce muka ba ku. Sai da na yi ta tunani kan kalmar adalci ko za ta yi kama da gargaɗi, mijina ya ce a'a, duk mai mata biyu da ke tsoron Allah wannan ce addu'ar da yake so a yi masa, in dai an ce Allah shi ba ku iko, ba ku yi adalci ba.

Uwargida kuwa ban rubuta mata ba, ba abin waya ba ne. Ana gobe fatiha ni da Gwaggo muka je gidan da turmin atamfa da goro. A hanya Gwaggo ta ce min kar ki ce mata barka, kar kuma ki ce Allah shi ba da haƙuri kamar an yi mutuwa. Da muka zauna Gwaggo ce ta yi magana, ta ce Hajiya mun kawo miki ƙanwa, Allah shi ƙara miki girma a gidanki, Allah shi raya miki yaranki shi yi musu albarka, Allah shi sa ki ji daɗin zama da ita. Matar ta ce amin a hankali, ta ce Allah shi ba mu ikon riƙewa. Na lura duk addu'ar Gwaggo kan ita uwargidan take, da gidanta da yaranta, Auta sau ɗaya ta shigo, kuma ba abin da Gwaggo ta karanta a wani wuri.

Ranar Asabar da safe aka ɗaura a ƙofar gidan kawu. Muna ciki muka ji an shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, yara suka shigo da goro da dabino. Gidan ya cika, Auta na ƙuryar ɗaki a lulluɓe da ƙawayenta, na san wayarta na hannun wata kuma mesaji na ta shigowa kamar ruwan sama, in na tura a lokacin zai nutse a cikinsu ko wata ta karanta shi da ƙarfi a gaban kowa. Na bari sai bayan azahar da aka ɗan watse, na tura mata ita kaɗai, ba a gurup ba. A gurup Barakallahu lakuma kawai na sa da Allah shi sanya alheri. Na kuma yi mata shi a vokal, kalma ɗaya ban canza ba, don na san Auta ta fi son ji da karantawa.

Ba ta amsa ba ranar, ba ta amsa ba washegari, an kai ta Sabon Gari da daddare ana ta hidima. Ranar Talata da hantsi ina lakwal lokacin hutu vokal ɗinta ya shigo, sakan goma sha ɗaya. Ta ce Yaya na ji, na saurara ya fi sau biyar, amin, amin. Alhaji ma ya ji ya ce a gaishe ki. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce Yaya Hajiya ta ce in tambaye ki ko Gwaggo za ta samu zuwa ranar Juma'a, ta ce tana son su gaisa.